Yadda ake gyara lacca ga ajin da Turancin ɗalibansa bai zo ɗaya ba

A aji ɗaya za ka tarar da ɗalibin da Turanci ya zauna masa a baki, da wanda yake karantawa ya gane amma maganar malami ta yi masa sauri, da kuma wanda sai ya juya kowace jimla zuwa Hausa a ransa kafin ta shiga. Jarrabawa kuwa da Turanci za su rubuta ta gaba ɗayansu. Saboda haka aikin malami shi ne ya bar kalmomin fannin yadda suke, ya sassauta Turancin da ke kewaye da su, sannan ya jingina wa kowace muhimmiyar kalma gajeren bayani da Hausa. Za mu bi hanyar da laccar fiziks ta minti 50 a kan bambancin *mass* da *weight*.

Fara da tace kalmomin lacca

Ɗauki takardar laccarka da biro, ka raba kalmomi masu wuya gida uku. Gida na farko kalmomin fanni ne waɗanda ɗalibi zai gamu da su a littafi da takardar jarrabawa, kamar *mass*, *weight*, *force* da *gravity*. Waɗannan ba a taɓa su. Gida na biyu kalmomin ado ne da ba su ɗauke da ilimin fiziks ko kaɗan, irin su *subsequently* da *utilise*. Cire su ka sa *then* da *use*. Gida na uku ya fi haɗari: kalmomin da ɗalibi yake ganin ya sani tun daga firamare, alhali a fannin ma'anarsu daban ce. *Body* a fiziks kowane abu ne, ko dutse ko kujera, amma ɗalibi da ya ji ta jikin mutum zai hango.

Kalmomin da za ka yi wa bayani da Hausa kada su wuce biyar ko shida a lacca ɗaya. In ka ƙirga ka sami goma sha biyar, laccar ce ta yi yawa, raba ta uku.

Sassauta jimla ba tare da rage ilimi ba

Ga jimla irin ta littafi, da yadda za ta koma a kan allo:

```
The weight of a body varies with the acceleration due to
gravity, whereas its mass remains invariant.

Weight changes when acceleration due to gravity, g, changes.
Mass does not change.
```

Ilimin bai ragu ba, kuma kalmomin fanni suna nan. Abin da ya fita shi ne *whereas* da *invariant*, da jimlar da ta goya ra'ayi biyu a lokaci guda. Ƙa'idar ita ce kowace jimla ra'ayi ɗaya. Kuma in ka zaɓi kalma ka tsaya a kanta har ƙarshen lacca. Marubuta suna son sauya kalma don gudun maimaici, amma ɗalibin da Turancinsa ke da rauni, in ya ji ka ce *changes* yanzu, ka ce *varies* anjima, zai ɗauka abu biyu kake nufi.

Bayanin Hausa: a nan ake tuntuɓe

Malami da yawa yana neman kalmar Hausa guda ɗaya ya ajiye a gaban ta Turanci, ya wuce. A wannan lacca hakan ba zai yiwu ba, domin in ka tambayi Bahaushe *mass* zai ce nauyi, in ka tambaye shi *weight* zai sake cewa nauyi. Laccar kuwa gaba ɗaya a kan bambancinsu take. Da ka rubuta "nauyi" a gaban duka biyun, ka rushe darasin da hannunka.

Mafita ita ce ka bayyana ma'ana da gajeriyar jimla, ka haɗa da abin da ake auna ta da shi. *Mass*: yawan abin da ke ƙunshe cikin abu, ana auna shi da kilogiram. *Weight*: ƙarfin da duniya ke jan abu da shi zuwa ƙasa, ana auna shi da niyuton. Sannan ka fito fili ka gaya wa aji cewa a maganar yau da kullum duka biyun nauyi muke ce musu, amma a wannan darasi an raba su. Wannan gargaɗin yana da amfani ko ga masu jin Turanci sosai, don a Turancin titi ma ana cakuɗa su.

Haka za ka binciki sauran jerinka. *Force*, *energy* da *power* duk suna iya faɗawa kan "ƙarfi", *heat* da *temperature* su faɗa kan "zafi". Akwai kuma masu kiran *gravity* maganaɗisun ƙasa. Ka guje shi, domin ranar da aka zo darasin maganaɗisu na gaskiya ɗalibi zai ɗauka abu ɗaya ne. Kafin ka shiga aji, karanta wa wani mai jin Hausa da Turanci bayanin kaɗai, ka ce ya faɗi kalmar Turancin da kake nufi. In ya kawo wata daban, ko ya ce biyu za su iya shiga, bayanin bai nuna ba.

Yadda za a faɗe shi a aji

Rubuta kalmomin da bayaninsu a gefe ɗaya na allo kafin a fara, kada ka goge har a tashi. Idan ka iso kan kalma, faɗe ta da Turanci, ka ba da bayanin Hausa a numfashi ɗaya, ka koma ka maimaita ta da Turanci a cikin jimla. Da Turancin ake rufewa don shi ne zai fito a jarrabawa. Dakata kamar daƙiƙa biyar kafin ka ci gaba, masu juyawa a zuci su cim maka.

Kada ka fassara kowace jimla. Lokaci zai ninka, kuma ba da jimawa ba ɗalibai za su daina sauraron Turancin, su zauna jiran Hausar. In akwai waɗanda ba sa jin Hausa a ajin, duk abin da ka faɗa da Hausa ya zama ka riga ka faɗe shi da sassauƙan Turanci. Sabon bayani kada ya taɓa zuwa da Hausa kaɗai.

Gwada ko ya shiga

"Kun gane?" ba gwaji ba ce, kowa kai zai gyaɗa. Ware minti goma na ƙarshe ka ba da lissafi: abu mai kilogiram 50, a yi amfani da W = mg, wato *weight* daidai yake da *mass* sau g. A duniya g kusan 9.8 ne, amsa niyuton 490. A duniyar wata g kusan 1.6 ne, amsa niyuton 80. Sai ka tambaya: kilogiram nawa ne abin a can? Bari su tattauna bibbiyu da harshen da suka ga dama na minti uku, amma kowa ya rubuta amsarsa da Turanci a jimla ɗaya.

Amsoshin za su nuna maka inda matsalar take. Wanda ya rubuta kilogiram 8 ko wani adadi ƙasa da 50 har yanzu "nauyi" guda ɗaya ne a kansa, sai a sake masa bayanin. Wanda ya rubuta 50 amma jimlarsa ta karkace ya gane fiziks, Turanci ne ya rage masa, sai ka ba shi ƙirar jimla ya riƙa cikewa. A lacca ta gaba ka bar kalmomin a allo ba tare da Hausarsu ba, ɗalibai su kawo bayanin da bakinsu. A ta uku ka cire su daga gefen allo, ka sa sababbi biyar a gurbinsu.