Yadda ake ɗaukar hoton taga ɗaya a allon kwamfuta, da inuwa ko babu

Masu zuwa shagona a Nima sun isheni da wannan tambaya. Ga amsar.

A Mac:
1. Danna Command, Shift da 4 lokaci guda.
2. Saki, sai ka danna Space. Kibiyar za ta koma kyamara.
3. Kai kyamarar kan tagar da kake so.
4. Danna linzami. Hoton zai sauka a Desktop da inuwarsa.
5. In ba ka son inuwar, riƙe Option a mataki na 4.

Hattara: kada ka saki Option sai ka danna linzamin. Nan ake yawan kuskure.

A Windows:
1. Taɓa tagar tukuna, in ba haka ba wata za a ɗauka.
2. Danna Alt da PrtScn. Ba za ka ga komai ba, kuma ba a adana hoton ba.
3. Buɗe Paint, danna Ctrl da V.
4. Adana shi.

Wannan ba ya zuwa da inuwa. In kana sonta, ajiye tagar a kan farin fili, danna Windows, Shift da S, ka ja akwatin ya ɗan zarce gefenta. Ni dai in takardar bugawa ce, marar inuwa nake ɗauka, don inuwar cin tawada kawai take yi.