Yadda Ake Ba Taƙaitaccen Rubutu Maki da Tambayoyi Uku

Taƙaitawa mai daɗin karatu tana iya ruɗar mai duba ta. Jimlolin sun tsaru, hankali ya kwanta, sai ka ba ta maki mai yawa, alhali ta zubar da rabin maganar a hanya, ko ta ƙara gishirin da babu shi a asali. Abin da ke hana wannan shi ne ka riƙe tambayoyi uku, ka amsa kowace ita kaɗai. Ta kawo manyan batutuwan? Ta riƙe amanar abin da aka faɗa? Ta yi gajarta yadda ake so? Kowace tambaya makinta 0, 1 ko 2 ne.

Mataki na farko: ajiye taƙaitawar gefe

Kada ka karanta ta tukuna. Ɗauki asalin rubutun ka karanta sau biyu, sannan ka rubuta batutuwa huɗu zuwa shida waɗanda in mai karatu bai ji su ba, to bai ji labarin ba. Idan ka riga ka leƙa taƙaitawar, abin da ta zaɓa ne zai yi ta zuwa maka a kai, abin da ta bari kuwa ba za ka tuna da shi ba.

Mu ɗauka rahoto ne mai kalmomi 600 daga kwamitin ɗakin karatu na wata makaranta, an kuma ce a taƙaita shi cikin kalmomin da ba su wuce 60 ba. Batutuwan da na tsamo su ne:

1. Rufin ɗakin yana yoyo, littattafai 120 sun jiƙe.
2. Kwamiti ya ba da shawarar a rufe ɗakin mako uku domin gyara.
3. Shugaban makaranta bai amince ba tukuna, sai bayan jarrabawa zai yanke hukunci.
4. Za a kwashe sauran littattafan zuwa wani aji.
5. Ɗalibai za su ci gaba da aro sau biyu a mako.

Sa alama a kan batun da ya fi kowanne nauyi. A nan na uku ne, domin shi ke nuna cewa maganar ba ta ƙare ba. Idan kuna da yawa masu dubawa, kowa ya fitar da nasa jerin, batun da ya fi maimaituwa shi ne mai nauyi. A kan wannan tunani Ani Nenkova da Rebecca Passonneau suka gina hanyar auna taƙaitawa da suka gabatar a 2004, inda nauyin kowane batu yake zuwa daga yawan mutanen da suka ambace shi a tasu taƙaitawar.

Yanzu ga abin da aka kawo mana mu duba:

"Ruwan sama ya lalata littattafai 120 a ɗakin karatu saboda sakacin ma'aikata. Za a rufe ɗakin na mako uku domin a gyara rufin. Za a kwashe sauran littattafan zuwa wani aji. Kwamitin ya yi dogon zama, ya kuma tattauna batutuwa masu muhimmanci."

Mataki na biyu: ƙirga abin da ta kawo

Bi jerinka ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaya yana nan, na biyu da na huɗu ma haka. Na uku da na biyar babu su. Uku ke nan cikin biyar. Ƙa'idar ita ce maki 2 ga wadda ta kawo duka, 1 ga wadda ta kawo rabi ko fiye, 0 ga wadda ba ta kai rabi ba. Tamu ta sami 1. A wannan matakin ambato kawai ake dubawa, gaskiyar abin da aka ambata tana gaba.

Mataki na uku: bin amana

Nan aikin yake, kuma nan ne akasari ake gaggawa. Yanzu za ka juya hanya: daga taƙaitawar za ka taso, ka koma asali. Kada ka auna jimla sukutum, domin jimla guda tana iya ɗauke da gaskiya biyu da ƙarya ɗaya. Fasa ta ƙanana, kowane guntu ka nemi layin da ya goyi bayansa a rahoton, ka ɗora yatsa a kai.

Jimlar farko tana ɗauke da magana uku. Adadin 120 daidai ne. Amma rahoto cewa ya yi littattafan sun jiƙe, ita kuwa ta ce sun lalace. Littafin da ya jiƙe ana iya shanya shi, don haka an zuzuta. Sai "saboda sakacin ma'aikata", wanda babu shi ko'ina a rahoton. Mai yiwuwa marubucin ya yi hasashe ne, mai yiwuwa ma hasashen nasa gaskiya ne, amma ba a tambaye shi ra'ayinsa ba. Ga shi ya ɗora laifi a kan mutane da sunan kwamiti.

Jimla ta biyu ta fi wuyar kamawa, domin kusan duk kalmominta suna cikin rahoton: rufewa, mako uku, gyaran rufi. Abin da ya canja shi ne "za a". Shawara ce aka mai da ita hukunci. Ɗalibin da ya karanta wannan zai ɗauka an gama magana, ya daina zuwa. Irin wannan zamiya ce manhajojin da ke ƙirga kalmomin da suka yi tarayya ba sa gani. Ma'aunin ROUGE, wanda Chin-Yew Lin ya fitar a 2004, yana duba yawan kalmomin da taƙaitawa ta haɗa da wata taƙaitawar da aka ɗauka abin koyi. Jimla da kishiyarta suna iya samun maki kusan ɗaya a wurinsa, tunda ƴar ƙaramar "ba" ce kawai ta raba su.

Saboda haka ka riƙa zuba ido a wurare huɗu: lambobi, kalmomin kore magana, wanda ya faɗi abu ko ya aikata shi, da kalmomi irin su "mai yiwuwa" da "ana shawarar", waɗanda su ne ke fara faɗuwa idan ana matse rubutu. Duk inda ka ga "saboda", tsaya ka tabbatar asali ne ya haɗa dalilin da sakamakon.

Maki 2 idan kowane guntu yana da madogara. Maki 1 idan akwai ɗan kuskuren da ba zai canja fahimtar mai karatu ba, kamar a ce "aji" inda rahoto ya ce "zaure". Maki 0 idan ko da guda ɗaya ya canja ma'ana. Tamu tana da guda uku, don haka 0.

Mataki na huɗu: gajarta

Tambayoyi biyu ne. Ta wuce iyakar da aka sa? Kalmominta 42, ba ta wuce ba. Akwai jimlar da za a goge ba a yi asarar komai ba? Akwai, ta ƙarshe. Kalmomi 11 ne, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na rubutun, kuma ba su gaya wa kowa komai ba. Ta ci ɗaya ta faɗi ɗaya, maki 1.

Mataki na biyar: rubuta sakamako, kada ka haɗa jimilla

Rubuta 1, 0, 1, kowanne da dalilinsa a layi guda. Ni ba na tara su wuri ɗaya, domin taƙaitawar da ta sami 2, 0, 2 da wadda ta sami 1, 2, 1 duk huɗu za su tashi da shi, alhali ta farko ƙarya take yaɗawa cikin kyakkyawan tsari, ta biyu kuwa ƙari kawai take nema. Duk wadda ta ci 0 a amana komawa take yi wurin marubucinta, komai kyan sauran makinta.

Ga yadda tamu ta dawo bayan gyara:

"Yoyon rufi ya jiƙa littattafai 120 a ɗakin karatu. Kwamiti ya ba da shawarar rufe ɗakin mako uku domin gyara, amma shugaban makaranta sai bayan jarrabawa zai yanke hukunci. Kafin nan za a kwashe sauran littattafan zuwa wani aji, ɗalibai kuma za su ci gaba da aro sau biyu a mako."

Kalmomi 51, ta fi ta farkon tsawo da tara. Duk da haka ita ce ta ci 2 a gajarta, domin tana cikin iyakar 60, kuma duk jimlar da ka cire, sai batu ɗaya ko biyu daga cikin biyar ɗin nan sun bi ta.