Yadda Ake Gyara Bugun Takarda Da Ke Yankewa A Word

Tambayar nan ta yawaita: a allo komai ya zauna daidai, amma a takarda ƙarshen layuka na gefen dama ko lambar shafi su ɓace. Yawanci dalilin shi ne an saita fayil ɗin a girman takarda na Letter, alhali takardar da ke cikin firinta A4 ce. Letter faɗinta milimita 216, tsawonta 279. A4 kuwa faɗinta 210, tsawonta 297. Wato Letter ta fi faɗi da milimita 6, abin da ke cin gefen dama ke nan.

1. Buɗe fayil ɗin a Word.
2. Danna Layout a sama.
3. Danna Size.
4. Zaɓi A4.

Hattara: in an raba fayil ɗin sassa-sassa, sashen da ka tsaya a kai kawai zai canza. Shiga More Paper Sizes, a wurin Apply to ka zaɓi Whole document.

5. Duba shafukan ɗaya bayan ɗaya. Teburan da aka ja daidai faɗin Letter sukan leƙa waje, sai ka matse su.
6. Danna Ctrl da P.
7. Shiga Printer Properties, ka mai da girman takarda A4.

Nan aka fi kuskure. Mutum ya gyara Word ya bar firinta a Letter, sai ƙasan shafi ya yanke, ko firinta ta ƙi jan takarda.

8. Buga shafi ɗaya tak ka gani kafin ka saki sauran.

In PDF aka turo maka, ba sai ka taɓa fayil ɗin ba. A wurin bugawa zaɓi Fit, rubutun zai ɗan ƙanƙance amma duka zai fito.