Yadda ake rubuta wa ƴan ƙungiyar zuba jari wasiƙar sabon tsarin saye da sayarwa

Ƙungiyarmu a Yamai daga adashi ta fara, sannan muka koma sayen hannun jari a kasuwar BRVM da ke Abijan, wadda ƙasashe takwas masu amfani da sefa a yammacin Afirka suka yi tarayya a kanta. Mun daɗe muna saye da jin ƙishin-ƙishin: wani ya ce kamfani kaza zai tashi, a saya, wani ya tsorata, a sayar. Da muka yanke shawarar bin ƙa'idoji rubutattu, ni magatakarda aka ɗora wa rubuta wasiƙar da za ta bayyana wa kowa. Abin da na koya shi ne mai karatun wasiƙar nan tambaya ɗaya ce a ransa: idan abin ya ɓaci, nawa zan rasa daga kuɗina? Duk wasiƙar a kan amsar wannan tambaya ake gina ta.

Zan yi misali da ƙungiya mai mutum 20 da suka tara sefa miliyan 10, kowa na da jika 500 a ciki.

Mataki na farko: a gama shawara kafin a ɗauki alƙalami

Kada ka fara rubutu alhali shugaba da ma'aji ba su daidaita a kan lambobi ba. Ku zauna ku uku, ku rubuta kowace ƙa'ida a layi ɗaya, sannan ku gwada ta da tambaya: mutum biyu da ba su yi magana da juna ba, idan suka karanta ta, abu ɗaya za su aikata? "Za mu sayi kamfanoni masu ƙarfi" ta faɗi wannan gwaji, domin ƙarfi a idon kowa daban ne. "Za mu sayi kamfanin da ya raba riba shekara 3 a jere" ta wuce, domin ana iya dubawa a tabbatar.

Mataki na biyu: buɗe wasiƙar

Sallama da gaisuwa yadda aka saba, amma kada su ci fiye da layi biyu. Daga nan a faɗi abin da ya canza da ranar da zai fara aiki. Ga yadda na buɗe tawa:

"Assalamu alaikum, iyayenmu da ƴan uwa. Bayan gaisuwa, muna sanar da ku cewa kwamiti ya kawo shawarar mu daina saye da sayarwa bisa ra'ayin da ya rinjaya a taro, mu koma bin ƙa'idoji biyar da ke ƙasa. Ba za su fara aiki ba sai kun amince da su a taro mai zuwa."

Idan za ka ambaci kuskuren baya da ya jawo sauyin, ka ce "mun saya", kada ka ce wane ne ya kawo shawarar. Ƙungiya ce ta mutanen da ke haɗuwa a masallaci da wurin suna, kuma wasiƙa ba ta mutuwa a waya.

Mataki na uku: ƙa'idojin saye

Nan ba a buƙatar dogon bayani. Namu biyu ne. Ana saye sau ɗaya a wata uku, a makon farko, ta hannun kamfanin dillancin da muke da asusu a wurinsa, irin waɗanda ake kira SGI, domin ba wanda ke saye a BRVM kai tsaye. Kuma ba a sayen kamfani sai ya raba riba shekara 3 a jere kuma ana cinikin hannun jarinsa kusan kullum.

Akwai maganar da ban yarda a bar ta a baki ba. A kasuwar akwai kamfanonin waya irin Sonatel na Senigal, akwai bankuna da yawa har da BOA Niger, akwai kuma Solibra mai yin giya da Sitab mai yin taba. A ƙungiyar Yamai dole a samu waɗanda ba su yarda kuɗinsu ya shiga giya ko taba ba, wasu ma har banki saboda maganar kuɗin ruwa. A rubuta a fili abin da aka cire. Idan an cire bankuna, a gaya wa mutane cewa zaɓi ya ragu sosai, kuma kuɗin zai taru a ƴan kamfanoni kaɗan, wanda shi ma haɗari ne.

Mataki na huɗu: iyakokin hasara, kuma nan ne zuciyar wasiƙar

Kowace iyaka a rubuta ta sau biyu, sau ɗaya da kaso cikin ɗari, sau ɗaya da sefa a kan mutum ɗaya. Hajiyar da ke sayar da atamfa a babbar kasuwa ta fi kowa iya lissafi, amma da jika take yin sa.

Iyaka ta farko: kashi 20 cikin ɗari na asusu, wato miliyan 2, ba ya shiga kasuwa. Yana ajiye domin mai son fita ko mai larura. Duk wanda ya yi layi a ƙofar banki a Yamai bayan takunkumin da ya biyo juyin mulkin Yulin 2023 ya san bambancin kuɗin da ke rubuce a takarda da kuɗin da ke hannu, don haka wannan ba ta buƙatar lallashi. Sai dai a faɗi inda ajiyar take da mutum nawa ne ke sa hannu kafin a cire.

Ta biyu: ba a zuba fiye da miliyan 2 a kamfani ɗaya, kuma idan hannun jarinsa ya faɗi da kashi 20 ƙasa da farashin da muka saya, ma'aji ya ba da umarnin sayarwa ba tare da jiran taro ba. A wasiƙar na rubuta: "Idan haka ta faru, hasarar ƙungiya jika 400 ce, wato jika 20 a kan kowane ɗayanmu."

To a nan ne mafi yawan masu rubutu ke tsayawa, kuma tsayawa a nan yaudara ce ko da ba a yi niyya ba. Ƙa'idar tana cewa yaushe za a ba da umarnin sayarwa, ba ta ce za a samu mai saye ba. A BRVM farashi ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 7.5 a yini ɗaya. Idan labari mara daɗi ya fito, hannun jari na iya sauka da wannan iyaka kwana uku a jere, abin jika 10 ya dawo sefa 9,250, sannan kusan 8,560, sannan kusan 7,900, ya wuce iyakarmu kenan, kuma a duk kwanakin masu sayarwa sun yi layi babu mai karɓa. Kasuwar ba ta da zurfi, wasu kamfanonin ɗan ciniki kaɗan ake yi da su a yini. Saboda haka sai na ƙara da cewa: "Jika 20 ba alkawari ba ne. Idan ba mu samu mai saye ba sai da farashin ya sauka da kashi 30, hasarar jika 600 ce, jika 30 a kan kowa." Wani dattijonmu ya ce da ni, "Ɗana, wannan layin zai kori mutane." Na ce masa, "Baba, gara su ji daga bakinmu yau da su gani a takardar asusu gobe." Aka bar layin.

Haka nan a faɗi ɗaya gefen. Wata rana za mu sayar bisa ƙa'ida, bayan mako biyu farashin ya koma sama, mu kuma mun biya ladan dillali wajen shiga da wajen fita. Wannan zai faru, kuma ba laifin ma'aji ba ne. Idan wasiƙar ba ta faɗi haka tun yanzu ba, a ranar da ya faru shi za a tsare da ido. A kuma lura, ranar da aka cire ribar shekara farashin hannun jari kan sauka da kwatankwacin ribar, don haka a rubuta cewa ribar da muka karɓa ana haɗa ta kafin a ce an kai kashi 20.

Iyaka ta uku ta asusun baki ɗaya ce: idan ya sauka da kashi 15 daga mafi girman darajar da ya taɓa kaiwa, a dakatar da saye, a kira taro cikin kwana 14. A kan miliyan 10 wannan miliyan 1 da rabi ne, jika 75 a kan kowa.

Akwai tarko a auna wannan. Mutum 20 masu zuba jika 25 kowane wata suna ƙara jika 500, a wata uku miliyan 1 da rabi. Asusun na iya yin hasarar miliyan 1 da rabi cif, zubin ya rufe ramin, jimilla ta nuna miliyan 10 kamar ba abin da ya faru. Maganinsa shi ne a raba asusun gida-gida: miliyan 10 ta zama gida 1,000, kowane gida jika 10. Sabon zubi yana sayen sababbin gidaje a farashin ranar. Abin da ake kallo shi ne darajar gida ɗaya, kuma idan ta sauko daga sefa 10,000 zuwa 8,500 an kai iyaka, ko nawa ne jimillar. A bayyana wannan da misali a wasiƙar, domin shi ne lambar da za a riƙa karantowa a kowane taro.

Mataki na biyar: abin da ba a rubutawa

Kada ka sa ribar da ake sa rai. Idan kun gwada ƙa'idojin a kan farashin shekarun baya, kuna iya faɗa, amma ku ambaci shekarun da kuka duba da mafi munin faɗuwar da kuka gani a ciki, ku kuma faɗi ko kun cire ladan dillali. Ku karɓi takardar kuɗaɗen aiki daga dillalinku ku liƙa ta a bayan wasiƙar.

Mataki na ƙarshe: sauya ƙa'ida, fita, da sa hannu

Ƙa'ida ta fi shiga haɗari ranar da ta yi ciwo, lokacin da kowa ke cewa a ɗaga mata ƙafa sau ɗaya kawai. Mu mun rubuta cewa ba a sauya ta sai a taron shekara, da amincewar kashi biyu cikin uku, kuma sauyin ba ya shafar umarnin da ya riga ya wajaba. Wanda tsarin bai kwanta masa ba yana da kwana 30 ya sanar, a biya shi bisa darajar gidajensa daga ajiyar nan.

Kafin ka aika, ka karanta wa mutum ɗaya da ba ya cikin kwamiti, ka tambaye shi nawa zai rasa idan kamfani ɗaya ya faɗi. Idan ya ce jika 20 ya yi shiru, koma ka gyara sakin layin. Idan ya ce jika 20, wataƙila ma fiye, wasiƙar ta isa. Shugaba da ma'aji da kai ku sa hannu, a aika mako biyu kafin taro, a kuma karanta ta da murya a tura wa waɗanda karatun boko ke yi wa nauyi. A ƙasan takardar a bar wuri kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa cewa ya ji lambobin hasara, magatakarda ya adana.