Yadda zaka gane CV ɗin da aka yi wa ƙari kafin ka kira mutum intabiyu

In aka tura maka CV kana duba ko mutum ya dace da aikin, ajiye bayanin yabon kai na sama tukuna. Da farko ɗauki biro ka kwashe duk shekarun dake ciki ka jera su a takarda ɗaya, sakandare, jami'a, bautar ƙasa, sai wuraren aiki.

Sannan ka auna su da abinda ka sani. Yawancin digiri a BUK shekara 4 ne, injiniya 5, likitanci 6, wanda ya shiga da difloma kuma daga aji biyu yake farawa don haka 3 ba matsala bace. Bautar ƙasa shekara 1. Kuma kar ka zalunci mutum, yajin aikin ASUU na 2020 da na 2022 kowanne ya ci wata 8 ko fiye, in ka ga digiri ya ja shekara 6 a wannan tsakanin ba lallai faɗuwa yayi ba. Tazara bata cika damuna ba, haɗuwar abu biyu a lokaci ɗaya ita nake farauta.

Misali kana neman manajan sito a wata masana'anta a Sharaɗa. Wani ya rubuta ya gama digiri 2021, bautar ƙasa a Oyo 2022 zuwa 2023, amma wai shi manaja ne a Kano tun 2020 har 2024 ba hutu, a sama kuma yace ƙwarewar shekara 8. To malam ya aka yi kana Oyo kana riƙe da makullin sito a Kano? Kuma 2020 zuwa 2024 shekara 4 ne, ina sauran 4 ɗin? Wataƙila gaskiyar ita ce yana taya yayansa tsaron shago a Kwari lokacin hutu, wanda ba abin kunya bane da haka ya rubuta.

Sai ka koma kan alƙaluma. "Na ƙara ciniki da kashi 200" ba komai bane sai ya faɗi daga nawa zuwa nawa, cikin wata nawa, shi kaɗai ko su goma. Wanda yayi aikin da gaske zai baka amsa har da sunan kayan, mai ƙari kuwa sai kame kame.

Illar ita ce da ka kama guda ɗaya shikenan, har satifiket ɗinsa na gaskiya sai ka fara zargi, balle aikin sito da amana ce jarinsa. Duk da haka in kuskure ɗaya ne, kamar 2012 a madadin 2021, kira shi ka ce ya baka labarin shekarun a jere ba tare da ya kalli takarda ba, ya kawo satifiket ɗin NYSC da takardar ɗaukarsa aiki a tsohon wurin, kai kuma ka nemo lambar wurin da kanka, banda wadda ya rubuta maka.