Yadda Ake Tsara Atisayen Zagaye Na Minti 20

Atisayen zagaye shi ne a jera motsi kala-kala, a yi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan gajeren hutu, sannan a koma farko. A Jami'ar Leeds ta Ingila aka tsara shi a 1953, kuma dabararsa ita ce yayin da wani sashen jiki ke aiki, wani yana hutawa. Nan ne ake samun rarar lokaci.

Fara da raba mintunan. Minti 3 na farko na ɗumama jiki ne: tafiya a wuri ɗaya, juya kafaɗu, tsugunno a hankali. Sai motsi 5, kowanne da minti ɗaya, a zagaya sau 3, minti 15 ke nan. Ragowar minti 2 hutu ne, minti ɗaya bayan zagayen farko, ɗaya bayan na biyu.

Daga nan sai a raba minti ɗayan na kowane motsi tsakanin aiki da hutu. Sabon shiga ya yi sakan 30 na aiki, 30 na hutu. Wanda jikinsa ya saba ya yi 40 da 20, wato aikin ya ninka hutun. Akwai 45 da 15, amma sakan 15 kusan duk a sauya wuri da ɗaukar nauyi yake ƙarewa, don haka da motsi mai sauƙi ya dace. Mutane da yawa na ɗaukar 20 da 10 na tsarin Tabata, alhali a binciken 1996 da ya fito da shi, ƴan wasa ne suka yi a kan keke da iyakar ƙarfinsu, na kimanin minti 4 kacal. Ba ma'aunin minti 20 ba ne.

Jerin motsin ya fi komai buƙatar tunani. Ga wanda ke aiki da kyau: na farko tsugunno da miƙewa, riƙe da nauyi a ƙirji. Na biyu a kife a riƙa tura ƙasa da tafin hannu. Na uku taku baya a durƙusa kan gwiwa ɗaya, ana sauya ƙafa. Na huɗu a sunkuya, baya a miƙe, a jawo nauyi zuwa ƙugu. Na biyar gudu a wuri ɗaya ko tsallen igiya.

Ƙafa, hannu, ƙafa, hannu ke nan, kuma da dalili. A tsarin 40 da 20, cinya tana gama tsugunno ba za a sake nemanta ba sai bayan sakan 80. Da an haɗa tsugunno da taku baya a jere, sakan 20 kawai za ta samu, kuma gwiwa za ta fara karkata ciki. Motsin da ya fi nauyi ko ya fi buƙatar nutsuwa shi ke zuwa farko, mai sa haki kuma a ƙarshe, domin dogon hutu na biye da shi. In za a sa motsin ciki, kada ya gabaci sunkuyo da nauyi, saboda tsokar ciki da ta gaji ba ta tallafa wa gadon baya. Wani abin da ake yawan mantawa shi ne riƙo: in aka riƙe nauyi a hannu a taku baya, sannan aka shiga jan nauyi, yatsu za su saki kafin tsokar baya ta yi aikinta. Gara a yi takun hannu sake.

Yadda za ka gane tsarin ya yi daidai shi ne ƙirga. A ce ka yi tsugunno 16 a zagayen farko, 15 a na biyu, 13 a na uku. Wannan ya yi. In kuwa 16 ne, 12, sannan 8, to hutun ya yi kaɗan ko nauyin ya yi yawa; koma 30 da 30. Idan adadin bai ragu ba ko kaɗan kuma kana iya hira ba tare da numfashi ya katse ka ba, aikin ya yi sauƙi. Ƙara abu ɗaya, nauyi ko sakan, ba duka biyun a mako guda ba. Zaɓi nauyin da in lokaci ya cika kana jin za ka iya ƙara biyu ko uku ba tare da bayanka ya lanƙwashe ba.

Sau 3 a mako ya isa, da kwana ɗaya a tsakani. Wannan tsari yana ƙara juriya da matsakaicin ƙarfi, amma mai neman ɗaga nauyi mai tsanani yana buƙatar hutun minti 2 zuwa 3 tsakanin ɗagawa, abin da zagaye ba ya bayarwa.

In an gama, kada a zube nan take. A ɗan taka har numfashi ya daidaita, don tsayawa cak kan jawo jiri. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna, kuma duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko duhun gani ya dakata.