Yadda ake rubutun ƙasan hoto bayan mutuwar aure ba tare da habaici ba

Wata ƙanwata da ke Gusau ta turo mini hoto kwana goma bayan an ba ta takardar saki. Ta sha lalle, ta yi kyau, ƙasan hoton kuma ta rubuta: "An yi walƙiya, mun ga kowa. Alhamdulillah." Ta ce, "Yaya, duba mini kafin in ɗora, ai ban kama sunan kowa ba." Gaskiya ne ba ta kama suna ba, amma duk wanda ya san gidan ya san da wa take. Ga yadda muka bi muka gyara shi.

Da farko, a duba lokaci. Idan saki ɗaya ne ko biyu, igiya ba ta gama tsinkewa ba sai idda ta cika: tsarki uku ga mai jinin al'ada, mai ciki kuma sai ta haihu. A cikin wannan lokaci miji na da damar mayar da ita, manya kuma suna ta kai da komo kan biko. Rubutun "sabuwar rayuwa" a tsakiyar idda yana iya rushe sulhun da kawunnai suka kwana suna ɗinkawa, sannan yana jawo masu neman zawarci tun lokacinsu bai yi ba. Don haka na ce mata ta ajiye hoton. Ta jira har iddar ta fita. Wadda baiko ne ya warware ko doguwar soyayya ta watse ba ta da idda, amma ta bari a gama mayar da kaya tsakanin gidajen biyu tukuna.

Na biyu, kuma nan ne aikin yake: ki rubuta abin da ke ranki duka a takarda, sannan ki bi shi jimla-jimla kina tambaya, wa ke cikin wannan maganar ban da ni da Ubangijina? Duk jimlar da ke da "wasu", "wani", "maƙiya" ko "masu cin amana", ki soke ta. Karin magana ma ki yi hattara da shi, domin da shi aka fi yin gugar zana. Har addu'a tana zama habaici. "Na bar wa Allah" da "Allah ya isa" ƙara ce aka kai, kowa kuma ya san wanda ake ƙara. Ita ma "Allah ya musanya da mafi alheri" mai kyau ce a bakin mai jajantawa, amma idan ke kika rubuta ta a ƙasan hotonki, kin ce wancan ba alheri ba ne.

Rubutu na biyu da ƙanwata ta kawo shi ne: "Allah na gode da ka fitar da ni." Na tambaye ta, daga ina? Ta yi shiru. Daga gidan uban 'ya'yanta biyu ke nan, waɗanda wata rana za su iya karatu.

Na uku, ki sa abin da kika fuskanta a madadin abin da kika baro. Abu na zahiri: karatu, sana'a, komawa Islamiyya. Ita ta karɓo keken ɗinkinta daga gyara, sai muka ɗauki hoton keken da atamfa a kansa, ta rubuta: "Bismillah. Na koma bakin ɗinki daga Litinin. Ina neman addu'arku." Babu kalmar saki a ciki, kuma wanda ya sani ya gane. Jimla biyu ko uku sun isa. Namiji ma haka: hoton gona ko shago ya fi masa ayar da aka tsinto don a soki wata.

Kafin ki danna, ki karanta shi da kunnen tsohuwar surukarki. In za ta iya cewa "Allah ya taimaka" ba tare da ta ji an taɓa ɗanta ba, ya yi. Sannan ki zaɓi masu gani. A WhatsApp akwai `My contacts except...` da `Only share with...` a saitin Status. Sai dai kada ki dogara da su, ko da cewa Status na gogewa bayan awa 24. In mutum ɗaya ya ɗauki hoton Status ɗin, ya isa Ƙaura Namoda kafin la'asar. In akwai maganar riƙon yara ko ciyarwa a gaban alƙali, irin wannan hoton ne ake fitowa da shi daga aljihu.

Saura masu tambaya. Za su zo: "Lafiya dai? Me ya faru?" Ki tanadi amsa ɗaya tun kafin ki ɗora, ki riƙa maimaita ta ga kowa. Ta ƙanwata ita ce: "Zama ne ya ƙare, Anti. A sa mu a addu'a." Wata ƙawarta ta rubuta a ƙasa, "Shi ya yi asara wallahi." Ƙanwata ta goge, ta kira ta a waya ta yi mata godiya, ta roƙe ta kada ta sake.